Shekara Goma Sha Biyu a Bakin Wuta, Takarda Kuma Ta Ce "Babu"

Akwai wata ƙarya da ake bugawa kowace rana a shagunan buga takardu na Kano da Kaduna da Zariya, kuma masu ilimin boko ne suke buga ta, su ne kuma suke karanta ta su gaskata. Mai walda ko tela zai ji labarin wani kamfani yana ɗaukar ma'aikata, a ce masa sai ya kawo takardar tarihin aiki, wadda ake kira CV. Sai ya nufi shago ko ya roƙi wani ɗan'uwa ma'aikacin ofis. A buɗe masa tsohon samfurin da aka tsara domin wanda ya gama jami'a, a goge sunan wani a sa nasa, a rubuta firamare da sakandare. Da an zo gurbin ƙwarewar aiki sai a tambaye shi ko ya taɓa aiki a kamfani. Ya ce a'a. Sai a rubuta "babu", a cike sauran shafin da cewa shi mai hazaƙa ne, mai gaskiya, mai son aiki da jama'a, kuma yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye.

Mutumin da ya shafe shekara goma sha biyu yana narka ƙarfe ya fito a takarda tamkar wanda ya kwana ya tashi a gindin bishiya tun da ya bar makaranta. Wannan ba tawali'u ba ne, kuma ba rashin sa'a ba ne. Kuskure ne na masu rubutu, waɗanda suka ɗauka cewa aiki ba ya zama aiki sai yana da takardar ɗauka, da albashin ƙarshen wata, da hatimin ofis. Asarar kuma ta shafi ɓangare biyu: mai sana'a ya rasa gurbin da ya cancanta, kamfani kuma ya ɗauki mai tarin takardu wanda hannunsa ke rawa in ya riƙe sandar walda.

Abin da mai ɗaukar aiki yake nema

Injiniyan da ke neman mai walda ba ya neman sunan kamfani don kansa. Tambayoyi huɗu ne a ransa. Wace irin walda mutumin ya iya? A kan wane irin ƙarfe, mai kaurin nawa? Tsawon wane lokaci ya yi yana yi, kuma yaushe rabonsa da ita? Wa zai tsaya masa shaida? Sunan kamfani gajeriyar hanya ce kawai ta samun waɗannan amsoshi. Idan babu kamfani, amsoshin ba su ɓace ba, sai dai a rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Takardar da ta amsa tambayoyin nan huɗu ta fi wadda ke ɗauke da sunan kamfani amma ba ta faɗi abin da aka yi a cikinsa ba.

Abin lura shi ne, ita kanta duniyar walda ba ta taɓa yarda da takarda ita kaɗai ba. A ƙa'idojin Amurka na ASME da AWS, waɗanda ake aiki da su a manyan ayyukan mai da gas da ginin ƙarfe, shaidar cancantar mai walda tana faɗuwa idan ya yi wata shida bai yi irin wannan waldar ba. Ma'ana, masana sana'ar sun daɗe da amincewa cewa ƙwarewa a hannu take, kuma tana dusashewa in an bar ta. To ta yaya ma'aikacin ofishin ɗaukar ma'aikata zai fifita wanda ya karɓi satifiket shekara takwas da suka wuce bai sake kunna inji ba, a kan wanda jiya ma sai da ya ƙona fakitin sanda guda?

Shekarun koyo ba dunƙule guda ba ne

A ɗauki misalin wani mai walda, irin waɗanda suka cika kasuwar Panteka ta Kaduna. Ya gama sakandare a 2012, mahaifinsa ya kai shi wurin wani ubangida a 2013. An yaye shi a ƙarshen 2017. Ya yi shekara uku yana aikin jinga a wuraren gine-gine, sannan ya buɗe shagonsa a 2021. Mai rubutu na farko ya ce masa "babu". Mai rubutu na biyu, wanda ya fi na farko tausayi, ya rubuta layi guda: "Mai walda, 2013 zuwa yau." Wannan ma bai wadatar ba, domin duk wanda ya san sana'ar ya san yaron da aka kawo shago ba ya taɓa sanda a watanninsa na farko. Idan aka dunƙule shekarun, mai karantawa zai zargi ƙari, ya rage da kansa, kuma yawanci yakan rage fiye da kima.

Maganin shi ne a raba shekarun yadda suka kasance a zahiri, kowane mataki da abin da aka yi a cikinsa. Ga yadda gurbin zai kasance, ko da daga baya za a mayar da shi Turanci, ko Faransanci ga mutumin Maradi da Damagaram:

Mai shago, walda da ƙere-ƙeren ƙarfe, Kaduna, 2021 zuwa yau. Ƙera ƙofofin gida fiye da 80 da ƙafafun tankin ruwa 14, mafi tsayinsu mita 6, yana ɗauke da tanki mai lita 5,000. Auna aiki, yanke farashi, sayen kaya, da kula da yara uku masu koyo.

Mai walda na jinga, wuraren gine-gine a Kaduna da Zariya, 2018 zuwa 2020. Haɗa ƙarafan rufin ɗakunan ajiya guda 4 a ƙarƙashin 'yan kwangila biyu. Walda a tsaye da ta sama da kai, a kan ƙarfe mai kaurin milimita 4 zuwa 8.

Koyon sana'a, mataki na biyu, 2015 zuwa 2017. Waldar lantarki da sandar E6013 a ƙarƙashin kulawar maigida: tagogi, ƙofofi, gadaje. An yaye shi a Disamba 2017.

Koyon sana'a, mataki na farko, 2013 zuwa 2014. Awo, yankan ƙarfe, gurza, ɗinkin wucin gadi kafin a yi walda, da fenti.

Babu kalmar yabo ko ɗaya a nan, amma injiniya ya samu abin da yake so. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 5,000 tan biyar ne zaune a kan mita shida na ƙarfe, iska tana kaɗa shi damina da rani. Wanda ya ƙera irin wannan har sha huɗu, kuma suna nan a tsaye ana iya zuwa a gani, ya faɗi abin da kalmar "hazaƙa" ba za ta taɓa faɗa ba.

Lambobin kuma ba daga sama ake ɗauko su ba. Mai shago kan riƙe littafin da yake rubuta kuɗin kafin alƙalami, wayarsa kuma cike take da hotunan aiki masu kwanan wata. Idan yana ƙera ƙofa kamar biyu a wata, shekara huɗu za su ba da wajen casa'in da shida. Tunda akwai watannin da kasuwa ta mutu, sai a rubuta "fiye da 80". Ƙa'idar ita ce a zaɓi adadin da mutum zai iya karewa in an tsare shi da tambaya, ko da ya gaza na gaskiya kaɗan.

Ƙaryar da ake yi da sunan taimako

Akwai masu rubutu da suka gane cewa "babu" zalunci ne, sai suka faɗa wani ramin. Su ƙirƙiro wa rumfar kwano suna mai ƙarewa da alamar kamfani mai rajista, su naɗa mai waldan manajan darakta, su ƙara masa da cewa ya ƙware a kowace irin walda har da ta bututun mai. Suna ganin gata suka yi masa. A haƙiƙa sun tura shi fagen da za a kunyata shi cikin rabin sa'a.

Dalili kuwa shi ne, masu walda suna da haruffan da suke bayyana ƙwarewa daidai wa daida. Lamba tana nuna yanayin da ake aikin: 1 ƙarfe a kwance, 2 layin walda a gicciye a jikin abin da ke tsaye, 3 a tsaye, 4 sama da kai. Harafin F yana nufin waldar kusurwa, inda ƙarfe ɗaya ya hau kan wani. Harafin G yana nufin an fere bakin ƙarafa biyu an haɗa su baki da baki, sai narkakken ƙarfe ya ratsa har ƙasa. Mafi yawan aikin ƙofa da taga waldar kusurwa ce a kan siririn bututu mai kusurwa huɗu. Shi kuwa 6G bututu ne da aka kafe a karkace, digiri 45, ba a juya shi, mai walda ne yake zagaya shi. Irin wannan ake gwada masu son aiki a manyan layukan bututu, kamar na gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020.

Mai ƙofar da aka rubuta masa 6G za a miƙa masa guntayen bututu biyu a ce bismilla. Idan ya gama, za a duba da ido ko wuta ta ci gefen ƙarfen ta bar kwari, ko akwai ƙananan ramuka kamar na soso, ko dattin sanda ya maƙale a ciki. Sannan a yanko tsiri daga wurin haɗin a lanƙwasa shi a inji. In tsaga ta buɗe ta wuce kamar milimita uku, ya faɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a walda kuma ya fi ƙurewa, domin ƙarfe ba ya jin roƙo. Abin takaicin shi ne, da an rubuta gaskiya, cewa ya iya 2F da 3F da 4F, da wataƙila an ɗauke shi a sashen ƙarafan gini ko a matsayin mataimaki, daga nan ya koyi bututun. Ƙaryar ta hana shi aikin da bai iya ba, ta kuma haɗa da wanda ya iya.

Haka batun sunan shago yake. Idan shagon ba shi da rajista, a rubuta sunan da aka san shi da shi a unguwa, da layin da yake, da sunan maigidan. Wanda ya je neman kamfanin da babu shi zai dawo da zargi. Wanda ya je neman rumfar wane a layi kaza zai same ta, ya kuma tarar da mutumin da zai ba da labarin yaronsa na awa guda.

Abin da mutum ya koya wa kansa

Nan ne aka fi samun gardama, kuma masu shakka suna da hujja. Kowa zai iya cewa ya koyi abu a waya. Kallon bidiyo ba ƙwarewa ba ne, kuma takardar da ta ce "ya koyi waldar agon da kansa" ba ta faɗi komai ba. Amma amsar wannan ba ita ce a share batun ba. A ba shi gurbinsa daban, kada a cusa shi cikin shekarun koyo a wurin maigida, sannan kowane abu a haɗa shi da aikin da aka yi da shi.

Mai waldan nan, alal misali, maigidansa bai taɓa amfani da sandar E7018 ba. Shi ne ya gamu da ita a wurin gini, ya yi tambaya, ya yi ta gwaji a kan guntayen ƙarfe. Sai a rubuta cewa ya koyi aiki da E7018 da kansa a 2019, ya yi amfani da ita a rufin ɗakunan ajiya biyu. Mai gwada shi zai iya tabbatarwa da tambaya guda: yaya ake ajiye ta? Wanda ya yi aiki da ita ya san rufinta yana shan laima, kuma jiƙaƙƙiyar sanda tana haifar da ramuka da tsagewa, shi ya sa ake ajiye ta a tanda mai zafin wajen digiri 120 bayan an buɗe fakiti. Wanda ya kalla kawai zai tsaya kame-kame. Saboda haka ƙwarewar da mutum ya koya wa kansa tana da hanyar tantancewa, muddin an rubuta ta a fili yadda za a iya yin tambaya a kanta. Abin da aka gwada sau biyu kawai, a ce an fara koyo, kada a ce an iya.

Tela ma haka

Kalmar "tela" tana ɓoye sana'o'i da yawa, kuma masana'antar ɗinki ba ta ɗaukar "tela", tana ɗaukar mai yanka, ko mai zama a kan keke, ko mai duba aiki. A shago, almakashi ne abu na ƙarshe da maigida yake sakar wa yaro, domin ɗinkin da ya karkace ana farke shi, amma yadin da aka yanka ba daidai ba ya tafi ke nan. Don haka shekarar da aka fara barin mutum ya yi yanka da kansa ita ce mafi muhimmancin kwanan wata a tarihinsa, kuma ita ce ba a taɓa rubutawa.

Telar da ta ɗinka yunifom na makarantar unguwa ta rubuta yawansu da kwanakin da ta ɗauka: saiti 240 cikin mako biyar, ita da mataimaka biyu, a girma huɗu daban-daban. Wannan ya nuna ta san fitar da ma'auni na bai ɗaya, da lissafin yadi, da raba aiki, abubuwan da ɗinkin mutum ɗaya ba ya koyarwa. Ta kuma ambaci kekunan da ta yi aiki da su, domin keken ƙafa daban, keken masana'anta mai gudu daban, injin da ke daure bakin yadi daban. Wanda ya saba da keken ƙafa kaɗai yakan sha wuya a makonsa na farko a kan na lantarki, kuma mai masana'anta ya fi son ya sani tun kafin ya ɗauka.

Shaida: wa zai tsaya?

Babbar hujjar masu watsi da aikin da ba na ofis ba ita ce ba a iya tabbatar da shi. Gaskiyar magana, ba a gwada ba ne. Samfurin da ake kwafa yakan sa sunan wani babban mutum a gurbin masu shaida, shugaban makaranta ko wani alhaji mai faɗa a ji, wanda bai taɓa ganin waldar mutumin ba. Shaidun da suka dace uku ne: maigidan da ya yaye shi, ɗan kwangila ko injiniyan da ya karɓi aikinsa, da shugaban ƙungiyar masu sana'ar a kasuwarsu. A nemi izininsu tukuna, a kuma gaya musu abin da aka rubuta, domin kada a kira maigida ya ce 2016 alhali takarda ta ce 2017. Idan maigidan ya rasu, babban yaron shagon da ya gaje shi ya isa. A haɗa da hotuna shida zuwa goma, kowanne da wuri da shekara, wasu kuma a ɗauke su kusa da layin waldar kafin a shafa fenti, domin fenti yana rufe aibi, kuma masana sun san haka.

Akwai kuma hanyar mayar da ƙwarewa takardar hukuma. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gudanar da gwajin sana'a mai matakai uku, ana farawa daga na III a hau zuwa na I. Hukumar NBTE tana kula da tsarin NSQ, wanda a cikinsa akwai hanyar amincewa da abin da mutum ya riga ya koya a wajen aji: mai tantancewa ya kalli mutum yana aiki, ya duba hujjojin ayyukansa na baya, sannan a ba shi matakin da ya dace. Abin sha'awa shi ne, hujjojin da ake tarawa domin wannan tantancewa su ne dai waɗanda aka lissafa a sama, wato ayyuka, hotuna, da shaidu. Wanda ya rubuta tarihinsa da kyau ya riga ya yi rabin shiri. Sai dai a san iyakar waɗannan takardu. Suna buɗe ƙofar ofishin da ba ya duba mutum sai da satifiket, amma ba sa maye gurbin gwajin da kamfanin bututu zai yi da kansa. Takardar da aka saya ba tare da an zauna gwaji ba kuwa, makomarta ɗaya da 6G na ƙarya.

Laifin na masu alƙalami ne

Mai walda bai ƙirƙiro samfurin da ya shafe shi ba. Masu digiri ne suka tsara shi daidai da rayuwarsu, makaranta sannan hidimar ƙasa sannan ofis, suka kuma mai da shi ma'aunin kowa. Su ne suke zaune a teburin tace takardu, suna jefar da duk wadda ba ta da sunan kamfani kafin ta isa hannun injiniyan da zai gane darajarta. Gyaran a hannunsu yake, kuma ba shi da tsada. Mai tallata gurbin walda ko ɗinki ya rubuta a sanarwarsa cewa shekarun koyon sana'a da aikin kai suna cikin lissafi, ya bar wanda ya san sana'ar ya yi tacewar farko, ya kuma tanadi guntun ƙarfe ko yadi biyu domin gwaji.

Shi kuma ɗan boko da ƙaninsa ko maƙwabcinsa ya zo masa da wannan buƙata, ya rufe samfurin, ya ɗauki biro, ya fara da tambayoyi. Wace shekara aka kai ka shago? Yaushe aka fara barinka ka riƙe sanda? Mene ne mafi girman abin da ka ƙera, kuma yana ina yanzu? Wa ya biya ka, zai amsa waya? Zaman awa ɗaya zai fitar da shafi guda, kuma kowane layi a cikinsa abu ne da za a iya zuwa a taɓa da hannu: ƙofa a Tudun Wada, rufi a Zariya, tankin da ke tsaye tun daminar 2022.